Naira miliyan 2: banki ko shagon da ke kusa?

"Ina da shagon kayan masarufi, da ajiyar naira miliyan 2 a banki. Shagon da ke jikin nawa ya fito haya. In kama shi ko in bar kuɗina?"

Ɗan'uwa, kuɗin da ke kwance ma suna da farashi, wato abin da za su kawo maka a inda ba ka kai su ba. Sai a yi lissafi.

Mu ɗauka banki na ba ka kashi 8 cikin ɗari a shekara: naira 160,000 ke nan. Idan ba ka karɓar kuɗin ruwa, to sifili ne, ga tsadar kaya tana rage musu ƙarfi.

A shago kuwa, a ce kuɗin haya da na kanta sun ci 500,000, kaya 1,500,000. Idan kayan suna ƙarewa duk wata biyu da ribar kashi 10, ka samu kusan 900,000 a shekara. Cire waccan 500,000, cire albashin yaron shago, a ce 240,000. Saura 160,000. Ka ga kunnen doki ke nan, kuma a banki ba ɓera, ba mai cin bashi ya gudu.

Saboda haka magana tana kan saurin juyawar kaya. Idan duk wata suke ƙarewa, ribar ta haura miliyan ɗaya, banki bai kama ƙafarta ba. Duba littafinka: sau nawa mai saye ya juya don babu abin da yake nema? Idan kuwa kayan yanzu ma ƙura suke sha, ƙarin shago ba zai kawo masu saye ba.

Ni dai ba zan zuba duka ba. Ware na cefanen wata uku tukuna, don ranar rashin lafiya katon ɗin taliya sai a karyar da shi.