Littafin shago da takardar banki sun ƙi haɗuwa

Tambaya: Malam, ina sayar da wake da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ƙarshen wata littafina ya nuna ina da ₦2,480,000 a banki, takardar banki kuwa ta ce ₦2,146,500. Yarona ne ke min ɓarna, ko bankin ne?

Amsa: Alhaji, kada ka yi saurin zargin kowa. Giɓin ₦333,500 ne, kuma irinsa ba kasafai yake fitowa daga wuri guda ba.

Fara da ragowar farkon wata. Idan tun ranar 1 littafi da banki ba su daidaita ba, matsalar ta watan jiya ce. In sun daidaita, sai ka ɗauki biro ka bi kuɗin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka gani a wuri biyun, yi masa alama nan da can. Sannan ka koma kan waɗanda suka fita. Abin da ya rage babu alama, nan aikin yake.

A takardun da ka turo, mafi girma shi ne ₦180,000 da wata mai gidan abinci a Ketu ta biya. A banki sau ɗaya ya shigo, amma a littafi sau biyu yake: yaronka ya rubuta da ta nuna masa rasit a waya, kai ma ka sake rubutawa da dare da ka ga alat. Sai dai kada ka soke don kawai adadin ya zo ɗaya, domin mai saye kan ɗauki kaya iri guda sau biyu a mako. Duba lambar tiransifa da lokacinta, ka kuma duba buhu nawa suka fita daga sito. Lamba ɗaya, kaya sau ɗaya, to maimaici ne. Ja layi a kan na biyun yadda za a iya karantawa, kada ka goge.

Akwai kuma ₦3,500, cajin alat da na tiransifa da na kula da asusu. Banki ya cire, ba wanda ya rubuta. Shigar da su a kashe-kashe. Littafinka ya dawo ₦2,296,500.

Saura ₦150,000, cinikin POS na yammacin ranar ƙarshen wata, wanda bai sauka a asusu ba sai washegari. Wannan ba kuskure ba ne, kada ka taɓa littafi. A gefen takarda ka ƙara shi kan ragowar banki, za ka ga ₦2,296,500 daidai. Amma ka tabbatar ya bayyana a takardar sabon wata. In bai bayyana ba, je banki da rasit ɗin na'urar.

Daga yanzu mutum ɗaya ya riƙa rubuta tiransifa, bayan kuɗin sun shiga asusu, da lambobi huɗu na ƙarshen lambar tiransifar a gefe.