Tabon ƙura a sararin sama

"Hotunana duk ɗigo-ɗigo a sama, in na goge sai gajimaren ya narke, yaya zan yi?"

Malam, na sha wannan wahala tun harmatan ɗin bara, ƙura ce ta zauna kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke ɗaukar hoton. Yadda za ka gane shi ne ɗigon yana wuri ɗaya a kowane hoto, kuma ya fi fitowa in ka tsuke ƙofar hasken kyamara zuwa f/16 ko f/22, a f/4 da ƙyar ka gan shi.

In da manhajar gyaran hoto ta Lightroom kake amfani, ɗauki burushin goge tabo na Heal ka kunna Visualize Spots, hoton zai koma baƙi da fari, ɗigon su fito kamar zobe. Burushin ya ɗan fi tabon girma kaɗan kawai, ka danna sau ɗaya, kar ka ja, jan nan ne ke cinye gajimare wallahi.

In tabon ya faɗo a bakin gajimare kuwa Heal na jawo fari cikin shuɗi ya yi dabbare-dabbare, nan sai ka koma Clone, mai kwafo wani wuri ya rufe tabon da shi, ka ja wurin da yake kwafowa da hannunka zuwa kan wannan bakin dai, gefe kaɗan, layin ya haɗu. Ka duba a 100%. Don Allah kar ka taɓa Noise Reduction saboda wannan, tabon zai zauna, kaifin gajimaren ne zai tafi.