Yadda ajiyar banki ke ninkuwa, da inda lissafin ke tsayawa

Tambaya: "Na sayar da amfanin gona, na ajiye 100,000 a banki. Ɗana da ke karatu ya ce ta hanyar ba da rance za su zama miliyan ɗaya. In haka ne, me ya sa na nemi rancen taki aka hana ni?"

Malam, yaronka ya karanta daidai, amma iyakar ƙarshe ya faɗa maka. A ce babban banki ya wajabta a riƙe kashi 10 cikin 100 na kowace ajiya. Bankinka zai riƙe 10,000, ya ranta wa wani 90,000. Shi kuma ya sayi injin ban ruwa, mai injin ya kai kuɗin nasa bankin, a riƙe 9,000, a ranta 81,000. Daga nan 72,900, haka dai suna raguwa. In ka tara duka ajiyar, miliyan ɗaya ce, wato ninki goma: 1 ÷ 0.10 = 10.

To, wannan sai in kowane kuɗi ya koma banki, kuma banki ya rantar da duk abin da doka ta yarda. Kai ma shaida ne ba haka ake yi ba. Ranar girbi ka ga 'yan ƙwadago sun karɓi ladansu a hannu, kowa ya ƙulle nasa a aljihu. Wannan kuɗin ya fita daga zagayen.

Mu sake lissafin. A ce duk ajiya 100, mutane na riƙe da 25 tsaba a hannu, bankuna kuma sun ƙara riƙe kashi 5 don taka-tsantsan. Sai ya zama (1 + 0.25) ÷ (0.25 + 0.10 + 0.05) = 3.125. Kuɗinka sun tsaya a 312,500: ajiya 250,000, tsaba a hannun jama'a 62,500. Ka ga goma ta koma uku da ɗan ɗoriya.

Abin da na fi so manoma su gane shi ne, banki ba ya jiran ajiyarka kafin ya ba da rance. Yana rubuta kuɗin ne a asusun mai rance, sannan ya nemi abin da zai riƙe. Abin da ke taka masa birki shi ne ƙarfin jarinsa, da kuɗin ruwan da babban banki ya sa, da tsoron a kasa biya. A Amurka ajiyar bankuna a babban banki ta cika ta batse bayan rikicin 2008, rance bai ƙaru gwargwadon haka ba. A Maris 2020 ma aka mayar da kason da aka wajabta wa bankuna su riƙe sifili, rance bai zama marar iyaka ba.

Saboda haka, mai yiwuwa ba rashin kuɗi ya sa aka hana ka ba. Jami'in rance yana tunanin fari da faɗuwar farashi lokacin kaka. Ka koma da takardar gonarka, da rasiɗan cinikin kaka biyu ko uku, da bayanin asusunka, in kuma akwai wanda ya yi alkawarin sayen amfanin a rubuce, ka haɗa da ita.