Me ya sa ratsin ke dusashewa?

"Muna gwajin Michelson a jami'armu a Khartum da fitilar sodiyam. Da na ja madubi baya, sai ratsin haske da duhu suka ɓace. Na'urar ce ta lalace?"

Malam, na'urarka lafiya lau take. Hasken fitila ba ya fita da tsawon zango guda tak, don haka igiyarsa ba ta daɗe tana tafiya bai ɗaya. Iyakar nisan da take tafiya bai ɗaya kuwa kusan λ²/Δλ ne, inda λ ke nufin tsawon zango, Δλ kuma faɗin bambancin zangunan da ke cikin hasken. In bambancin tsawon hanyoyi biyun da hasken ke bi zuwa madubai biyun na'urar ya wuce wannan, ratsin kowane zango sai ya hau kan na ɗan uwansa, su shafe juna.

Amma bincika tukuna. Hasken sodiyam na da layi biyu, masu tsawon zango nanomita 589.0 da 589.6, shi ya sa ratsin kan ɓace su dawo duk sanda madubi ya matsa kusan milimita 0.29. Ci gaba da murzawa a hankali. In sun dawo, ba ka kai iyakar ba.