Taswirar dawowar Rana: a fara da sa'a kafin a zo fassara

“Allah ya gafarta Malam, na zana wa wani taswirar shekararsa ta 30. An haife shi a Kano ranar 25 ga Maris 1996 da ƙarfe 9 na safe, sai na ɗauki 25 ga Maris 2026 da ƙarfe 9. Ɗali'in ya fito Sauru, sak irin na haihuwarsa. Daidai na yi? Kuma ta ina zan fara karantawa?”

Ɗana, fitowar ɗali'in, wato burujin da ke hudowa ta gabas a sa'ar, sak irin na haihuwa ita ce shaidar kuskuren. Duk wanda ya ɗauki rana ɗaya da sa'a ɗaya a gari ɗaya, kusan ɗali'i ɗaya zai riƙa samu kowace shekara, ka ga ba abin da zai bambanta bana da bara. Abin da ake nema shi ne lokacin da Rana ta komo kan darajar da take a kai sa'ad da aka haifi mutum, har daƙiƙa da sakan na daraja. Malaman Bagadaza irin su Abu Ma'ashar, wanda ya rasu a 886, tahawilin shekara suke ce masa, wato juyawarta.

Rana ba ta cika zagayenta a kwana 365 cif. Akwai rarar awa 5 da minti kusan 49. Saboda haka kowace shekara dawowar tana yin jinkiri da wannan gwargwado, sai shekara mai 29 ga Fabrairu ta janyo ta baya da kwana guda. Shi ya sa wani lokaci takan faɗo jajiberin ranar haihuwa ko washegarinta. A wannan rarar sama tana juyawa kimanin daraja 87, don haka ɗali'in shekara yakan tsallaka buruji kamar uku daga na bara.

Mu yi wa mutumin naka lissafi. A taswirarsa ta haihuwa Rana tana burujin Hamal, ɗan ƙasa da daraja 5. Rarar shekara 30 ta kai kwana 7 da awa 6 da ɗoriya. Tsakanin 1996 da 2026 an yi 29 ga Fabrairu sau 7, sun cinye kwana bakwai ɗin. Saura awa shida da rabi, ko sama da haka kaɗan. Ashe dawowar tana ranar 25 ga Maris ɗin, amma tsakanin uku da rabi da huɗu saura kwata na yamma. Wannan lissafin kai ne, na gane ko manhaja ta yi maka shirme. Ainihin mintin daga jadawalin taurari za ka ciro shi. A wannan sa'a ɗali'in Kano Asad ne, wajen daraja 22.

Kada ka raina sakan ɗin nan. Rana tana tafiyar kusan daraja ɗaya a yini, wato daƙiƙa ɗaya ta daraja tana cin minti 24 na agogo, ɗali'i kuwa yana matsawa daraja ɗaya a kamar minti 4. Idan ka zubar da sakan ka cike lissafi zuwa daƙiƙa, kana iya kauce wa ɗali'i da daraja 3 zuwa 6. Haka idan an ce maka “da hantsi aka haife shi” aka yi kuskuren awa guda, taswirar shekara ma ta goce da awa guda, daraja 15 ke nan, rabin buruji. Wanda kuma ya kawo maka ranar haihuwa ta watan Musulunci, sai ka mayar da ita ta shekarar da aka haife shi zuwa lissafin Rana tukuna, domin shekarar wata tana gaza ta Rana da kwana 11.

Sai batun wuri. Lokacin dawowar ɗaya ne a duk duniya, amma ɗali'i na gari ne. Da mutumin nan yana Jidda a ranar, ɗali'insa Sumbula zai zama, don tsakanin Kano da Jidda akwai daraja 30 da 'yan kai ta gabas. Masu aikin sun rabu: wasu garin haihuwa suke bi, wasu inda mutum yake a sa'ar. Ni ina ganin ka tsaya kan garin haihuwa har hannunka ya faɗa. Abin da ba na so shi ne ka zana biyu ka zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa.

Yanzu karatu. Ba a karanta taswirar shekara ita kaɗai, a kan ta haihuwa ake shimfiɗa ta, kuma ƙa'idar magabata ita ce shekara ba ta ba da abin da haihuwa ba ta yi alkawari ba. Fara da ubangidan shekara. Daga ɗali'in haihuwa ana matsawa buruji ɗaya kowace shekara, a zagayo a shekara 12. Raba 30 da 12, saura 6. Ƙirga shida gaba daga Sauru, ka sauka Akrab, gida na bakwai, gidan aure da abokin tarayya da abokin shari'a. Tauraron da ke mulkin Akrab shi ne Mirriku, to shi ke riƙe da shekarar, shi za ka bi kafin kowa.

Dubi yadda gidaje suka hau juna. Asad, ɗali'in shekara, shi ne gida na huɗu a taswirar haihuwa, gidan muhalli da fili da iyaye. Akrab kuma, idan ka ƙirga daga Asad, gida na huɗu ya faɗa a taswirar shekara. Magana ɗaya ta fito ta hanya biyu, kuma irin wannan maimaici shi ake ba nauyi. Alama guda tilo ba a gina hukunci a kanta. Mirriku kansa yana burujin Hutu wajen daraja 18, gida na takwas daga Asad, inda ake duba dukiyar abokin zama da bashi da gado. Mai karatu zai ce shekarar ta karkata ga sha'anin aure ko tarayya da ya haɗu da batun gida, kuma akwai kuɗin wani a ciki.

Daga nan ka tambayi halin Mirrikun. Mushtari, mai Hutu, yana Saraɗan wajen daraja 15, burujin ɗaukakarsa, yana kallonsa da kallon daraja 120. Wannan ana lissafa shi sauƙi ne, kamar baƙon da mai gida ya karɓa hannu biyu. Sai dai Mushtarin yana gida na sha biyu, taimakonsa ba mai fitowa fili ba ne. Ka kuma koma taswirar haihuwa: a can Mirriku yana dab da Rana, ƙonanne, don haka kada ka yi masa zaton ƙarfin da bai taso da shi ba.

Akwai abin da zai ɗauke maka ido, Zuhal yana zaune kan Rana, tsakaninsu bai kai daraja ɗaya ba. A nan sababbin hannu ke firgita mutane. Ka tuna duk wanda aka haifa 25 ga Maris, ko shekararsa nawa, yana da wannan haɗuwa a 2026. Abin da ya keɓanci mutuminka shi ne gidan da ta faɗa, na tara, na tafiya da karatu, kuma Rana ce mai Asad, ɗali'in shekararsa. Don haka ana ambatonta a matsayin nauyi ko jinkiri a wannan fanni, bayan an gama da Mirriku.

Ka rarrabe abu biyu a bakinka idan kana yi masa bayani. Sa'ar dawowa da matsayin taurari lissafi ne, kowa na iya bin sawunsa ya tabbatar. Fassarar kuwa al'adar masu wannan fanni ce, gwajin masana kimiyya bai tabbatar da ita ba, gaibu kuma sai Allah. Saboda haka gida na takwas ba lasisin ambaton mutuwa ba ne, kuma ba a cewa mutum ya fasa aure ko ya sayar da fili saboda taswira.

Sake zana ta da sa'ar yamma, ka rubuta darajar Rana har sakan a gefen takarda, ka sa ta haihuwa a da'irar ciki, ta shekara a ta waje. Ka kawo mini in gani, sannan mu duba Wata.