Yaya zan rubuta rahoton fasa sito?

"Ni maigadin dare ne, jiya an fasa sitonmu, manaja ya ce in kawo rahoto a rubuce. Ta ina zan fara?"

Sannu da jaje, ɗan'uwa. Fara da lokaci: ƙarfe nawa ka zagaya ka ga kwaɗo lafiya, ƙarfe nawa ka tarar an ɓalle shi. Wannan tazarar manaja zai fara dubawa. Misali: "Ƙarfe 1:00 ƙofar baya a kulle take. Ƙarfe 2:15 na tarar an yanke kwaɗon, na kira ka, ban taɓa komai ba."

Abin da idonka ya gani kaɗai za ka rubuta. Kada ka ce "an sace buhu 20" in ba ka ƙirga ba, wannan aikin mai kula da sito ne. Sunan wanda kake zargi kuwa, bar shi a bakinka sai 'yan sanda sun tambaya. Ka sa hannu da kwanan wata, ka riƙe kwafi.