Ƙusar da ke cin kwano

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na sayi dogon kwanon alminiyam zan rufe gidana a Zariya. Kafinta ya ce mu yi amfani da ragowar baƙar ƙusar da muka haɗa katako da ita, mai haɗa wuta kuma zai shimfiɗa jan ƙarfen kariyar tsawa a kan kwanon. Akwai matsala?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai, kuma ta mai wutar ta fi ta kafintan muni.

Ka taɓa fasa tsohon batirin tocila? Gwangwaninsa tutiya ne, a tsakiya akwai baƙin sanda, tsakaninsu kuma danshi. Gwangwanin ne ke cinyewa har batirin ya fara yoyo. Haka rufi yake: in ƙarfe biyu mabambanta suka taɓa juna, ruwa ya jiƙa su, sun zama batir, ɗaya zai riƙa narkewa domin ɗayan ya tsira. Tutiya ce ta fi saurin sallamawa, sai alminiyam, sai baƙin ƙarfe, sai dalma, can ƙarshe jan ƙarfe da sitenlas. Gwargwadon nisan da ke tsakanin biyu a wannan jeri, gwargwadon saurin cin wanda ke gaba.

To ka ga baƙar ƙusa tana bayan alminiyam, don haka kwanonka ne zai biya. Za ka fara ganin farin gari kamar toka kewaye da kan ƙusar, da jan zane na tsatsa yana gangarowa. Hujin zai yi ta faɗi har ƙusar ta daina riƙewa, sai yoyo, ko iskar farkon damina ta ɗaga fallen. Mafi kwanciyar hankali ƙusar alminiyam, ko sukurun sitenlas 304 mai washar roba a ƙarƙashin kansa. Za ka ce ai sitenlas ya fi nisa a jerin. Haka ne, amma girma na da tasiri: ɗan sukuru a kan faffaɗan kwano, cinsa na bazuwa a fili mai yawa, robar kuma ta hana ruwa kwanciya a mahaɗar. A Legas ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da gishiri, da na ƙara ja maka kunne. In aljihu bai kai ba, ƙusa mai hula wadda aka tsoma cikin tutiya tana yi, sai dai ranar da tutiyar ta ƙare ta koma baƙar ƙusa.

Amma kafin ka sayi komai, ɗora mayen ƙarfe a kan kwanon. In bai kama ba, alminiyam ne. In ya kama, aluzin ne ko kwanon tutiya, wato baƙin ƙarfe da aka lulluɓe. Fatar aluzin kashi 55 cikin ɗari alminiyam ce, kusan duk sauran tutiya, kuma siririya ce ƙwarai. A nan masu ƙera shi kan hana sitenlas, domin zai cinye fatar kewaye da hujin. Sukuru mai rufin tutiya da washar roba shi ne nasa.

Yanzu jan ƙarfe. Shi ba sai ya taɓa kwanon ba ma. Ruwan da ya wanke shi yana ɗauko ɓurɓushinsa, ya sauke a kan alminiyam, kowane ɗigo ya zama ƙaramin batir mai huda rami kamar na allura. Na taɓa hawa wani rufi da aka shimfiɗa irin wannan ɗamarar jan ƙarfe daga tsororuwa zuwa baki. Ko'ina kwanon lafiya lau yake, sai layin da ɗamarar ta bi da inda ruwanta ke gangara: nan duk ƙananan huji ne, kana hango hasken rana daga cikin silin. Mai gidan ya sha zagin kamfanin kwano, alhali ba ruwansu.

Ka ce wa mai wutar ya sa ɗamarar alminiyam a saman rufi, ya haɗa ta da jan ƙarfen a jikin bango, ƙasa da bakin kwano, da mahaɗin da aka yi musamman don ƙarfen biyu. In dole sai jan ƙarfe, to ya zama mai rigar roba, a ɗage shi a kan maƙalai. Wayar ƙasa ta sola da ruwan da ke ɗiga daga bututun na'urar sanyaya ɗaki duk hukuncinsu ɗaya, domin wayar da bututun na jan ƙarfe ne.

Kada rani ya ruɗe ka. In babu ruwa cin yakan tsaya, shi ya sa shekarar farko ba a ganin komai. Amma ƙurar hunturu da ganyen darbejiya na taruwa a gindin ƙusa, su riƙe danshi bayan an ɗauke ruwa. Kuma ka karɓe fensir daga kunnen kafinta kafin ya hau, domin bakinsa dangin baƙin sandan batirin nan ne. Ya yi alama da alƙalamin maka.